Gangarar Guragu da Lif a Tsofaffin Gine-gine: Yadda Za a Buɗe Ƙofa Ba Tare da An Rusa Tarihi Ba

Tun da wa'adin da dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman ta ɗiba ya cika a watan Janairun 2024, ake ta samun saɓanin fahimta game da tsofaffin gine-ginenmu. Wasu sun ɗauka cewa doka ta wajabta a fasa kowace ƙofa a zuba siminti. Wasu kuma na ganin ginin tarihi ya fi ƙarfin dokar, don haka ba ruwansa da ita. Duka fahimtocin biyu sun kauce hanya. Wannan sharhi zai duba lamarin ta fuskar ginin ƙasa irin na Kano da kewayenta, tun daga Gidan Makama da ke cikin birni har zuwa sorayen masu gari da tsofaffin masallatai na garuruwa irin su Beli a ƙaramar hukumar Rogo, ƙasar Ƙaraye.

Ma'anar kalmomin

Gangara, a nan, ita ce hanya mai ɗan gangare marar matakala da ake yi don mai keken guragu ya hau daga ƙasa zuwa daɓen gini. Ba guragu kaɗai take yi wa amfani ba. Tsoho mai sanda, da mai juna biyu, da masu ɗaukar marar lafiya, duk suna morar ta.

Lif kalmar aro ce daga Turanci, tana nufin na'urar da ke ɗaga mutum daga hawa zuwa hawa. Iri biyu ne suka shafe mu. Akwai babban lif mai ɗaki, wanda yake buƙatar rami a ƙasa da dogon zirin da zai riƙa hawa da sauka a ciki. Akwai kuma ƙaramin lif mai faranti, wanda ke ɗaukar keke ɗaya a hankali zuwa tsayin da bai wuce 'yan mitoci ba.

Kamannin tarihi kuwa su ne abubuwan da idan aka raba gini da su ya tashi daga yadda aka san shi: kayan da aka gina shi da su, da fasalinsa, da aikin hannun maginansa, da yadda yake zaune a unguwarsa. A ginin Hausa wannan ya haɗa da tubali da azara, da bakan gizo da ɗaurin guga, da zankwaye da indararo, da zanen da ke kewaye da ƙofar soro, har da dakalin da ake zama a kai.

Abin da dokoki suka ce

Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a watan Janairun 2019. Dokar ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga yadda kowa zai iya kai wa gare su, ta kuma tanadi kafa hukumar ƙasa mai kula da al'amuransu, wadda ta fara aiki a 2020. Kafin nan, a 2010, Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006, wadda ta ambaci haƙƙin shiga gidajen tarihi da wuraren al'adu ƙarara.

A ɗaya gefen akwai dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa. Ita ta hana a taɓa ginin da aka ayyana a matsayin abin tarihi na ƙasa sai da izinin hukumar. Gidan Makama na cikin wannan rukuni, haka ma hasumiyar Gobarau ta Katsina.

Nan ne tushen ruɗanin. Doka ɗaya na cewa a gyara, ɗaya na cewa kada a taɓa. Amma idan aka duba da kyau ba su ci karo ba. Ta farko tana neman sakamako ne, wato mutum ya shiga ya biya buƙatarsa. Ta biyu tana iyakance hanyar da za a bi a kai ga sakamakon. Galibin sorayen ƙauye kuma babu wanda ya rubuta su a wani kundin gwamnati, don haka kariyarsu tana hannun masu gari da maginan gargajiya da mutanen unguwa. Wannan ya sa su ne suka fi fuskantar haɗarin gyaran gaggawa.

Dalilin da ginin ƙasa yake wahalar shiga

Maginan zamanin da ba su ɗaga daɓe ko ƙuntata ƙofa don su hana kowa shiga ba. Ruwa suke gudu. Damina a ƙasar Kano gajera ce amma mai ƙarfi, musamman a watan Agusta, kuma abin da ke kashe katangar ƙasa shi ne jiƙewar gindinta. Shi ya sa ake ɗaga daɓe sama da filin waje, a yi dokin ƙofa ya tare ruwan da ke gudu, a jingina dakali a gindin bango ya sha dukan ruwan sama a madadinsa, a kuma miƙo indararo ya zubar da ruwan rufi nesa da katanga.

Ƙuncin ƙofa ma yana da dalili. Azara, wato gindin giginya da aka tsaga, ita ke riƙe nauyin da ke saman ƙofa, kuma ba ta son tazarar da ta wuce wajen mita biyu ba tare da tallafi ba. Katangar tubali tana da kauri a ƙasa, tana sirancewa a sama, kuma ƙarfinta yana cikin dunƙulewarta ne. Duk ƙofar da aka faɗaɗa an rage wannan ƙarfin.

Saboda haka duk abin da ke tare mai keke a bakin soro, wani aiki yake yi wa ginin. Wanda zai cire shi dole ya fara sanin aikin, sannan ya samar da abin da zai maye gurbinsa.

Lissafin gangara a bakin soro

A ɗauki misalin soron mai gari irin wanda ake samu a garuruwan yammacin Kano, inda ake zaman sulhu da ɗaurin aure da karɓar baƙi. A ce daɓensa ya ɗara filin waje da santimita 45, wato matakala uku mai santimita 15 kowace, ga dakali hagu da dama, ga dokin ƙofa mai tsayin santimita 10.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne kada tsinin gangara ya wuce ɗaya cikin goma sha biyu. Ma'ana, duk santimita ɗaya na tsayi yana buƙatar santimita 12 na tsawo. Santimita 45 sau 12 ya ba da mita 5.4. A sama ana buƙatar shimfiɗaɗɗen wuri na mita 1.5 inda mai keke zai tsaya ya juya ba tare da ya zame baya ba, a ƙasa ma haka. Jimilla mita 8.4 ke nan. Faɗin hanyar bai kamata ya gaza mita 1.2 ba, da ɗan tudu a gefe don kada taya ta zame, da abin riƙewa a tsayin wajen santimita 90. Idan tsayin ya wuce kimanin santimita 75, wato gangara ta kai mita tara, sai an sa wurin hutawa a tsakiya.

Wannan lissafi ya nuna kuskuren da ake yawan gani a bakin ofisoshi da makarantu, inda ake shafe gefen matakala da siminti a kira shi gangara. Matakala uku ba ta fi mita ɗaya tsawo ba, don haka tsininta ya kusa ninka abin da aka yarda da shi sau shida. Mai keke ba zai hau ba sai an tura shi, idan kuma ya zo sauka yana iya kifewa. An ɓata fuskar gini, kuma ba a amfani kowa ba.

Akwai abin da littattafan ƙasashen waje ba su lissafa ba. Guragu da yawa a Arewa keke mai taya uku suke hawa, wanda ake tuƙawa da hannu, kuma ya fi keken asibiti tsawo sosai. Wurin juyawa na mita 1.5 ba zai ishe shi ba, ya fi dacewa a ba shi mita biyu ko a miƙe gangarar ba lanƙwasa. Wasu kuma da hannu da gwiwa suke tafiya. Farantin ƙarfe da ya sha ranar watan Afrilu zai ƙona musu tafi, kaifin tsakuwa kuma zai yanke su. Duk wanda zai zana gangara a nan ya kamata ya gayyato masu amfani da ita su gwada wurin da kekunansu kafin a haƙa ko'ina.

Sai tambayar inda za a shimfiɗa mita takwas ɗin nan. Idan aka miƙe ta daga ƙofa zuwa fili, ta tsaga dandalin da jama'a ke taruwa. Idan aka kwantar da ita a jikin bango, ta cinye dakali ɗaya, kuma ta bi ta ƙarƙashin indararo. Sau da yawa mafita ta uku ta fi: a ɗaga filin ƙofar gidan kansa a hankali da birji, a tsinin ɗaya cikin ashirin ko ƙasa da haka. Santimita 45 zai ci mita tara, amma a irin wannan sauƙin tsini ba a buƙatar abin riƙewa, ido ma ba ya ganin an ƙara wani abu. Sharaɗin shi ne cikon ya tsaya a gaban ƙofa kawai, kada ya rufe gindin katanga, kuma ya karkatar da ruwa nesa da gida.

Siminti da gindin katanga

Babbar ɓarnar da gangara ke yi wa ginin ƙasa ba a ganinta ranar da aka gama aiki. Takan bayyana bayan damina biyu ko uku.

Katangar ƙasa tana tsotsar danshi daga ƙasa, tana kuma fitar da shi ta jikinta idan rana ta fito. Yaɓen gargajiya, ko na makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina, yana korar ruwan sama amma yana barin bango ya bushe. Siminti ba ya barin haka. Idan aka zuba gangarar kankare a manne da bango, danshin da ke ƙarƙashinta ba shi da mafita sai ta cikin katangar. Sai ya hau sama ya fito daidai inda simintin ya ƙare, yana ɗauke da gishirin ƙasa. Ga kuma ruwan indararo da ke faɗowa kan daɓe mai tauri ya fantsama ya koma jikin bango.

Alamomin suna da sauƙin ganewa ga mai lura. Za a ga wani duhu-duhu a bango ɗan sama da gangarar wanda ba ya bushewa ko da rani ya shigo. Za a ga farin gari kamar kanwa a wurin. Idan aka ƙwanƙwasa yaɓen da yatsa zai yi ƙarar holoƙo, domin ya rabu da tubalin da ke bayansa. Idan aka sa hannu a ƙasan sai ƙasa ta riƙa zubowa kamar gari, kuma gara takan biyo danshin. In ba a tare ba, gindin katangar zai ƙwaƙule har nauyin sama ya rinjaye shi.

Maganin shi ne gangara ta tsaya da ƙafarta. A bar tazarar kamu ɗaya ko fiye tsakaninta da bango, a cika tazarar da tsakuwa ko a yi ƙaramar magudana mai zubarwa nesa. Wurin da za ta haɗu da ƙofa kaɗai za a haɗe da ɗan guntun katako ko ragar ƙarfe da za a iya ɗagawa a share. Kada a kafa sandunan riƙewa a jikin katanga, a dasa su a jikin gangarar. Ruwan indararo kuma a nema masa inda zai sauka wanda ba kan hanyar ba.

Dokin ƙofa na santimita 10 ba sai an sare shi ba. Ana iya yin 'yan gangarori biyu na katako mai ƙwari, kowace mita 1.2, ɗaya ciki ɗaya waje, a jingina masa. Wannan ya fi muhimmanci a tsofaffin unguwannin birnin Kano, inda lungu ya taru da ciko har ya fi daɓen gida tsayi. A irin wannan gida gangarar sauka take yi, kuma idan aka cire dokin ƙofa ta zama magudanar da ke kai ruwan titi tsakiyar soro.

Ƙofa kuwa tana buƙatar sararin da bai gaza santimita 80 ba. Idan ta gaza da kaɗan, a fara duba ƙyaure da katakon da aka kafa shi, domin sau da yawa su ne aka ƙara daga baya, kuma su ne suka ci sararin. Sare kuncin ƙofa mai zane shi ne mataki na ƙarshe, kuma ba a yin sa sai maginin gargajiya ya duba yadda azarar sama take zaune.

Batun lif

A ginin ƙasa lif ba kasafai yake dacewa ba. Babban lif yana buƙatar ɗakin da bai gaza mita 1.1 da 1.4 ba, da ramin da ya kai wajen mita ɗaya ko fiye. Haƙa irin wannan rami a kusa da katangar da harsashinta ba shi da zurfi haɗari ne. Daɓen bene kuma azara ce aka jera tana danne juna, aka ɗora ƙasa a kai, don haka huda shi yana kwance ɗaurin gaba ɗaya. Ga girgizar inji, ga ƙurar hunturu, ga ɗaukewar wuta. Lif ɗin da ya lalace aka rasa mai gyara ya bar gini da rauni a banza.

Hasumiyar Gobarau misali ce mai kyau. Tsayinta kimanin mita 15 ne, matakalarta ƙuntatacciya, kuma jikinta duk ƙasa ne. Babu yadda za a sa mata lif ba tare da an canja ta ba. Abin da ya dace a irin wannan wuri shi ne a gyara hanyar da ke kai wa gindinta, a kuma tanadi hotuna da bayani da ƙaramin samfurin da makaho zai shafa. A soron bene kuma, a sauko da zama ko baje koli ƙasa.

Inda lif yake da ma'ana shi ne benayen dutse da kankare na zamanin Turawa da na bayan 'yancin kai. A nan ma dabarar ɗaya ce da ta gangara: a gina masa hasumiyarsa daban a bayan gini, mai harsashinta, a haɗa ta da ginin ta taga da aka mayar ƙofa. Haka aka yi a dutsen Akropolis na birnin Atina, inda aka kafa lif a gefen dutsen a 2004, aka sauya shi da sabo a 2020. Amma hanyoyin kankare da aka shimfiɗa a saman dutsen a wannan lokaci sun jawo suka daga masana da dama, abin da ke nuna cewa ko a ƙasashen da ke da kuɗi da ƙwararru muhawarar ba ta ƙare ba.

Ra'ayoyi mabambanta

Masu kula da kayan tarihi suna da hujja mai ƙarfi, domin sun ga abin da gyara ya yi a baya. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, an lulluɓe shi da sabon gini a shekarun 1970, wasu sassansa kuma suka salwanta. Ƙofofin ganuwar Kano da dama an rushe su an sake ginawa don faɗaɗa titi. Suna kafa hujja da ƙa'idojin duniya irin na Yarjejeniyar Benis ta 1964, wadda ta ce ƙari kada ya rage darajar abin da aka tarar. A wurinsu duk abin da za a ƙara ya zama wanda za a iya cirewa ginin ya koma yadda yake.

Ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman su ma suna da gaskiya. Ɗaukar babban mutum a hannu a tsallaka da shi matakala a gaban jama'a tauye mutunci ne, ko da an yi da kyakkyawar niyya. Suna kuma ƙin a tura su ƙofar baya. A gidan Hausa wannan koke ya fi nauyi, domin soro shi ne wurin gaisuwa da girmamawa, ƙofar baya kuma takan ratsa cikin gida inda baƙo namiji ba ya shiga.

Akwai ra'ayi na uku daga maginan gargajiya: ginin ƙasa dama ba ya zama yadda yake. Ana sabunta yaɓensa, ana ƙara ɗaki, ana ɗaga dakali. Gidan Makama kansa, wanda aka gina wa Muhammadu Rumfa tun kafin ya hau sarauta a 1463, ya sauya aiki sau da dama kafin ya zama gidan tarihi. A ganinsu gangarar da aka yi da kayan gida da hannun magini ba baƙuwa ba ce. Wannan ra'ayi shi ya fi kusa da sasanta ɓangarorin biyu, muddin aka haɗa shi da ma'aunin tsini da faɗi, wanda ba ya cikin abin da magini ya gada.

A masallatai akwai ƙarin damuwa game da tsarkin tayar keken da ta biyo titi. Ana iya warware ta da ajiye keke na cikin masallaci a bakin ƙofa, ko shimfiɗa ta musamman a gefen sahu.

Abin da zai iya biyowa baya

Idan aka tsananta bin doka ba tare da jagora kan ginin ƙasa ba, abin da za a gani shi ne gangarorin siminti masu tsini a manne da katangu, sannan rushewar gindin bango bayan 'yan shekaru. Wasu masu gida ma za su ga ya fi sauƙi su rushe soron su gina na bulo. Idan kuma aka fake da tarihi aka ƙi yin komai, wuraren da ake yanke al'amuran gari za su ci gaba da zama a rufe ga wani ɓangare na mutanen garin.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a bi matakan bi da bi, daga mai sauƙin taɓa gini zuwa mai tsanani. A fara da auna wurin da ɗaukar hotonsa, a tafi lokacin damina a ga inda ruwa yake bi. Sannan a duba ko sauko da aiki ƙasa ko daidaita fili zai wadatar. In bai wadatar ba, a yi gangara mai zaman kanta. Sare bango da kafa lif su zo a ƙarshe, kuma idan ginin yana cikin kundin abubuwan tarihi na ƙasa, sai da izinin hukumar a rubuce. A kowane mataki mutum uku su zauna tare: mai keken da zai shiga, da maginin da ya san katangar, da injiniyan da zai yi lissafi. Bayan an gama kuma, a sa wanda zai riƙa duba gindin bangon a ƙarshen kowace damina, domin a nan ne za a san ko aikin ya yi.